Wa ke sayen buhu a kamfanin shinkafa? Yadda wata masaƙar buhu a Kano ta nemo masu yanke shawara

Kamfanin da zan yi magana a kansa ƙarami ne, yana cikin rukunin masana'antu na Sharaɗa a Kano. Aikinsa saƙa buhun leda da buga tambari a jiki, kala biyu ko uku. Shekara da shekaru 'yan kasuwar hatsi na Dawanau ne ke ɗauke kayansa, yawanci ta hannun dillalai. Ciniki ne na kuɗi hannu, amma ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, kuma da kaka ta wuce sai injina su koma aikin rabin yini. Mai kamfanin yana kallon injinan casar shinkafa da suka yawaita a jihar tun bayan shirin lamunin manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, da rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agustan 2019. Kowannensu yana cin buhu kullum, rani da damina. Su yake so.

Abin da ya fara yi shi ne abin da kowa ke yi. Ya sa aka buga wasiƙa mai ɗauke da farashi, aka rubuta "Zuwa ga Manajan Darakta" a sama, jami'in tallarsa ya hau babur ya zagaya yana ajiyewa a ƙofar duk kamfanin da ya ga allonsa. Ba wanda ya kira. Da aka nemi shawarata, tambayata ta farko ita ce a ina aka rubuta kamfanonin da aka kai wa wasiƙar, kuma wa ya karɓa a kowanne. Babu inda aka rubuta. Jami'in tallar ya ce yawanci maigadi ne ke karɓa, wani wurin kuma wata ma'aikaciya a ɗakin karɓar baƙi.

Kafin mu rubuta sunan kamfani ko ɗaya, sai da muka tsaya a kan abin da masaƙar ke iya yi da wanda ba ta iya ba. Buhun shinkafar da ake gani a kanti iri biyu ne. Akwai mai sheƙi, wanda ake buga hoto mai launuka da yawa a kan wata siririyar leda sannan a manna ta a jikin saƙar. Akwai kuma wanda ake buga rubutu da tambari kai tsaye a kan saƙar. Masaƙarmu na biyun take yi, ba ta da injin na farkon. Wannan kaɗai ya sauya lissafi, domin manyan kamfanoni kusan duk mai sheƙin suke zuba shinkafarsu ta gaba a ciki. Kuma mai sheƙin yana da wani ƙulli: kowace kala tana da silindar bugu da ake sassaƙa wa kamfanin shi kaɗai, shi ke biyan kuɗinta, kuma tana ajiye a wurin wanda ke buga masa. Wanda ya riga ya kashe wannan kuɗin ba zai tashi ba don an rage masa 'yan nairori a kan buhu.

Saboda haka muka rubuta sharuɗɗa uku a saman takarda. Kamfanin ya kasance yana aiki a yanzu, ba allo kawai ba. Ya kasance yana amfani da buhun da muke iya yi, ko da ba a kan babbar hajarsa ba. Kuma mota ta iya kai masa kaya ta dawo a yini ɗaya, wato Kano da kewayenta har zuwa Haɗeja da Zariya. Mai kamfanin ya so a haɗa da Kebbi, saboda manyan injinan da ke can. Na ce a bari tukuna, domin abin da zai fi masu yin buhu na Legas da shi shi ne kusanci, kuma a Kebbi wannan fifikon ya ragu.

Sunayen farko daga kasuwa muka samo su, ba daga kwamfuta ba. Jami'in tallar ya shiga kasuwar Singa da wayarsa, shago bayan shago, yana ɗaukar hoton kowane buhun shinkafar gida da ya gani, gaba da baya. Buhu yana faɗin abubuwa da yawa ga mai karanta shi. A jikinsa akwai sunan haja, da sunan kamfanin da ya sarrafa ta, wanda sau da yawa daban yake da sunan hajar, da adireshi, da lambar waya, wani lokaci da lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar da aka zuba. Idan ranar ta kusa ce, to injin yana juyawa. Idan an taɓa buhun da hannu, an san mai sheƙi ne ko saƙa zalla. Wasu masu yin buhu ma suna sa ɗan ƙaramin sunansu a gefe ko a gindi, ka ga an san abokin hamayya tun kafin a je ƙofa.

Masu shaguna su ma sun ƙara abin da ba ya jikin buhu. Da an sayi ɗan abu an zauna, za su faɗa maka wace shinkafa ce ke fita, wace ce ta daina zuwa tun bara, da wadda buhunta ke fashewa wajen lodi. Wannan na ƙarshen muka ja wa layi da jan biro, domin kamfanin da 'yan dako ke tsine wa buhunsa yana da ciwon da muke da maganinsa.

Bayan kasuwa sai hanya. An bi Bompai, Sharaɗa, Challawa, titin Haɗeja ta wajen Tokarawa da Gunduwawa, da titin Zariya har zuwa Kura, ana rubuta kowane allo. An duba Google Maps don cike gurbi, an nemi sunayen mambobi daga reshen ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da majalisar 'yan kasuwa ta KACCIMA, an kuma tambayi wani ɗan ƙungiyar masu sarrafa shinkafa ta RIPAN. Waɗannan jerin sun yi amfani, amma kowanne yana da tsofaffin sunaye a ciki, kuma ƙananan injina da yawa ba sa cikin ko ɗaya. Da aka haɗa komai a takardar Excel guda, layuka sun haura ɗari.

Sai tankaɗe. Abu na farko da ya fito fili shi ne maimaici: haja uku masu suna daban-daban, kala daban-daban, ashe injin ɗaya ne ke casar su. Akwai kuma wani nau'in, wato 'yan kasuwa masu tambarin kansu waɗanda ba su da inji ko ɗaya, sai su kai shanshera a casa musu a biya kuɗin aiki, su kuma kawo buhunsu. Waɗannan mun buɗe musu shafi na daban, domin a wurinsu mai yanke shawara yana zaune ne a shago a Singa ko Dawanau, ba a masana'anta ba. Wasiƙar da aka ajiye a ƙofar injin ba za ta taɓa isa gare shi ba.

Don warware sunaye mun yi amfani da shafin binciken jama'a na hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Ana rubuta sunan kamfani, ya fito da cikakken sunan da aka yi rajista da shi, da lambarsa, da adireshi, da matsayinsa. Lambar da ta fara da RC kamfani ne cikakke mai daraktoci, wadda ta fara da BN kuwa sunan kasuwanci ne kawai, galibi na mutum ɗaya ko 'yan kaɗan. Wannan bambancin yana nuna tsawon hanyar da za a bi a ciki. Matsayin kuwa sai an yi hattara da shi. Idan an ga INACTIVE, yawanci ma'anarsa kamfanin bai miƙa rahotonsa na shekara ba ne, ba wai ya rufe ba. Mun ga inji mai aiki dare da rana da wannan tambarin a kansa, mun kuma ga mai ACTIVE wanda ciyawa ta cinye harabarsa.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗin farko, wanda ya fi cin lokaci. A wannan sana'ar injina da yawa sun tsaya, ko suna aiki jefi-jefi, saboda tsadar shanshera da wuta, da kuma shinkafar waje da ta ƙaru bayan sassaucin harajin shigo da abinci da gwamnatin tarayya ta sanar a 2024. Takarda ba ta nuna wannan, sai ido. Injin da ke turara shinkafa yana da tukunyar tururi, kuma galibi da ƙaiƙayin shinkafar ake hura ta, don haka hayaƙi ko tururi a sama alama ce. Masu abinci a bakin ƙofa alama ce, domin ba sa zama inda babu ma'aikata. Baburan da aka jera, da 'yan dako da ke jiran lodi, da masu sayen dusa, duk alamu ne. Idan an koma da magariba aka ga ana canjin ma'aikata, to aikin ya wuce na yini.

Daga nan ake ƙiyasta yawan buhun da wuri ke ci. A cikin tan 100 na shanshera, kusan tan 20 ƙaiƙayi ne, tan 8 zuwa 10 dusa, sauran kusan tan 70 shinkafa ce, lafiyayya da karyayya. A ce lafiyayyar tan 60 ce. A buhu mai kilo 50, buhu 1,200 ke nan a rana. Karyayya da wadda injin tantance launi ya ware, a ce tan 10, buhu 200. Dusa tan 8, buhu 160 idan da kilo 50 aka zuba. A kwanakin aiki 25, injin da ke cin tan 100 kullum yana buƙatar buhu 30,000 na babbar haja, da kusan 9,000 na karyayya da dusa. Jami'in tallar ya fara da ƙirga tirelolin shanshera masu shiga, tun da tirela guda tana ɗaukar kusan tan 30. Amma wannan ƙirgen yana yaudara, domin da kaka kamfanoni suna saye su tara na watanni, sai ka ga layin motoci alhali injin bai cin rabin hakan. Lodin da ke fita ya fi faɗin gaskiya.

Wannan 9,000 ɗin ita ta zama ƙofarmu ta shiga manyan kamfanoni. Ba mai zuba dusa a buhu mai sheƙi. Wasu da tsohon buhu suke yi, ko mai sayen dusar ya zo da nasa, waɗannan mun cire su. Wasu kuwa sabon buhu suke saye mai rubutu kala ɗaya, kuma shi ne daidai abin da masaƙarmu ke yi.

Da tankaɗe ya ƙare, sunaye kusan talatin suka rage, muka kasa su uku. Na gaba su ne matsakaitan injina da ke zuba babbar hajarsu a buhun saƙa zalla. Na biyu manya, waɗanda za a nemi buhun dusa da karyayya a wurinsu. Na uku 'yan kasuwa masu tambari. Mai kamfanin bai ji daɗin ganin ɗari ta koma talatin ba, amma jami'in talla ɗaya gare shi, kuma mutum ɗaya ba zai iya bibiyar fiye da haka da kyau ba.

Neman mutum a cikin kamfani shi ne rabin da ya fi wuya, kuma a nan ne na ga kuskuren da wasiƙar farko ta yi: ta ɗauka mai yanke shawara mutum ɗaya ne, kuma shi ne wanda ke sama. A sayen buhu akwai aƙalla hannu huɗu. Manajan sarrafawa shi ke jin zafi idan buhu ya fashe a bakin injin ɗinki ko ya ƙare ana tsakiyar aiki. Mai kula da sito shi ke ƙirga abin da ya rage, ya rubuta buƙata, ya karɓi kaya, kuma yana iya cewa kayan ba su yi ba. Akanta ko jami'in saye shi ke kwatanta farashi da sharaɗin biya. Sai mai sa hannu. A ƙaramin wuri mutum biyu ne ke riƙe da huɗun, a babba kowanne da ofishinsa.

Rajistar CAC tana taimakawa a kan na ƙarshen. Idan aka biya kuɗi aka nemi rahoton matsayin kamfani, za a ga daraktoci da masu hannun jari. Akwai kuma rajistar masu iko da kamfani da hukumar ta buɗe wa jama'a a 2023, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Sai dai a Kano sau da yawa sunayen da ke ciki na Alhaji ne da matarsa da 'ya'yansa, har da wanda ke karatu a waje. Suna nuna mai dukiyar, ba sa nuna wanda ke zaune a ofis ranar Talata. Amfaninsu na gaske shi ne nuna alaƙa. Ta nan muka gano cewa injina biyu da ke jerinmu, ɗaya a titin Haɗeja ɗaya a Challawa, darakta ɗaya suka haɗa, kuma daga baya ya tabbata cewa daga ofis guda ake yi musu sayayya.

LinkedIn ya yi aiki a kan manya kawai, musamman masu hedikwata a Legas ko Abuja, ko masu manajoji 'yan ƙasar waje. Abin da muke rubutawa a Google shi ne:

```
site:linkedin.com/in "rice" Kano (procurement OR "production manager" OR "store")
```

Wannan ya fito da sunaye da muƙamai, amma da yawa sun bar wurin tuntuni ba su gyara shafinsu ba. Duk sunan da ya fito daga nan mun ɗauke shi a matsayin zato, sai an tabbatar a ƙofa. A matsakaitan injina kuwa kusan babu kowa a can.

Hanyar da ta fi ba mu sakamako ita ce bin sawun sayayyar da ta wuce. Maimakon a tambayi "wa ke da alhakin saye?", wadda amsarta kullum "sai Alhaji" ce, sai a tambayi yadda buhun ƙarshe ya shigo. Na raka jami'in tallar zuwa wani inji a titin Haɗeja don ya ga yadda ake yi. Mun je da hantsi, bayan an gama hada-hadar shigar ma'aikata. Maigadin dattijo ne, yana zaune a benci da littafin baƙi a cinyarsa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, mu masu buhu ne daga Sharaɗa. Idan motar buhu ta zo nan, wa kuke kira ya duba?"

"Ai malamin sito ne. Shi ke ƙirgawa ya sa hannu a takardar direba."

"To idan buhun bai yi ba fa, Baba, shi ke mayarwa?"

Ya yi dariya. "Ina! Sai injiniya ya zo ya ja shi da hannu. In ya ce a'a, ko Alhaji ba ya musu."

"Alhajin yana shigowa kullum?"

"Sai Asabar. Ƙaninsa ne ke zama, shi ke sa hannu a kuɗi."

Cikin 'yan mintoci mun san hannu uku, kuma ƙanin nan sunansa ba ya cikin daraktocin da muka gani a rajista. Direbobin da ke kawo kaya, da masu sayen dusa, da makanikan da ke gyaran injin ɗinkin buhu suna yawo daga wannan kamfani zuwa wancan, duk sun san irin wannan. Dokar da muka sa wa kanmu ita ce ba a rubuta mutum a matsayin mai yanke shawara sai baki biyu da ba su haɗa hanya ba sun ambace shi.

A takardar Excel ɗin kowane kamfani yana da layi, kowane mutum kuma yana da nasa a shafi na biyu: muƙaminsa, rawar da yake takawa a sayen buhu, daga bakin wa aka ji, ranar da aka tabbatar, da mataki na gaba tare da ranarsa. Gurbin "daga bakin wa" shi ne wanda masu talla ke ƙyuyar cikewa, kuma shi ne ke ceton mutum bayan wata uku idan bayanai biyu suka ci karo. Mun kuma ƙara gurbi biyu a layin kamfani: wa ke kawo musu buhu yanzu, da kuma yadda suke biya. Na biyun ya fitar da kamfani biyu daga jerin, duk da girmansu, domin kowa a sana'ar ya san sai an yi wata uku ana sintiri kafin kuɗi ya fito, kuma ƙaramar masaƙa da ke sayen ɗanyen roba da kuɗi hannu ba ta da wannan numfashin.

Maganar lambar waya ta jawo gardama. Jami'in tallar ya samo lambar wani mai kamfani daga direbansa, yana so ya tura masa hotuna ta WhatsApp da dare. Na hana. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ba mutum damar ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, dattijon da ya ga saƙo daga baƙuwar lamba zai fara tambayar wa ya ba da ita, kuma direban ne zai sha. Lambar ofis da ke jikin buhu ta kowa ce. Lambar mutum kuwa sai shi ya bayar, ko wanda ya bayar ya yarda a ambaci sunansa a farkon magana.

A injin titin Haɗeja, injiniyan muka fara nema, ba ƙanin Alhaji ba. An kai masa buhu hamsin kyauta, aka ce ya zuba, ya ɗinke, ya jefo daga kan mota kamar yadda 'yan dako ke yi. Ya yi hakan a gabanmu. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a ƙaramin sikeli ya ga nauyinsa, ya ja bakin da yatsu biyu ya duba ko saƙar tana buɗewa a layin ɗinki. Sai ya faɗi abin da ba wanda ya taɓa rubutawa a wasiƙa: matsalarsa ba fashewa ba ce, jinkiri ne. Mai kawo musu daga Legas yake, kuma idan mota ta makale a hanya sai su dakatar da zubi, shinkafa ta taru a rumbu. Da wannan maganar aka shiga wurin ƙanin Alhaji, injiniyan na gaba. Ba mu ce ya sallami na Legas ba. Mun ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu kashi ɗaya cikin huɗu, mu kuma mu ajiye muku buhun sati biyu bugagge a sitonmu, duk ranar da kuka kira ya iso kafin la'asar." Ya ce zai gaya wa Yaya ranar Asabar. Odar gwaji ta fito a satin da ya biyo.

A wani babban kamfani abin ya tafi daban. Manajan masana'antar ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya yaba samfur, aka yi ta zuwa ana dawowa. Sai daga baya akantan wurin ya faɗa wa jami'in tallar a gefe cewa duk abin da ya wuce wani adadi daga hedikwata ake sayensa, kuma sai kamfani ya shiga rajistar masu kawo kaya da takardar CAC, da lambar haraji, da shaidar biyan haraji. Alamar tana nan tun farko: manajan bai taɓa tambayar farashi ko sharaɗin biya ba. Wanda ke da ikon saye yana saurin zuwa kan kuɗi, yana ja, yana ƙorafi. Wanda ke yabo kawai yana cewa "za mu duba", galibi ba a hannunsa abin yake ba, kuma kunya ba za ta bari ya faɗa ba. Tambayar da aka koya wa jami'in tallar daga nan ita ce, "Yallaɓai, idan kun gamsu, takardar daga teburinku wane tebur za ta je?" Ba ta ƙasƙantar da kowa, kuma amsarta tana fito da sunan da ake nema. A wannan kamfanin buhun dusa bai kai adadin da ke tafiya hedikwata ba, don haka aka karkata can, aka kuma fara cike takardun rajistar a hankali.

Akwai inda aka tsaya cak. A wani inji, mai kula da sito ya nuna a fakaice cewa yana da kasonsa a kan kowane buhu daga mai kawowa na yanzu, kuma sai an yi masa irin haka. Mai masaƙar ya ƙi. Samfurin da aka bari a hannun mutumin bai taɓa isa wurin injin ɗinki ba. An samu wani abokin kasuwancin mai injin da ya yi alkawarin haɗa su, amma har yanzu ba a zauna ba, kuma ko an zauna, kayan ta hannun wannan malamin siton za su riƙa shiga. Ni dai shawarata a bar layin a buɗe, kada a ɓata masa ƙarfi.

'Yan kasuwa masu tambari su suka fi saurin amsawa, abin da mai masaƙar bai zata ba, domin tun farko kallon ƙananan masu saye yake musu. A wurinsu mai jin zafi da mai biya da mai sa hannu mutum ɗaya ne, yana zaune a shagonsa, kuma abin da ke damunsa shi ne manyan masu buga buhu ba sa karɓar ƙaramar oda. Odarsu ba ta da yawa kuma ba ta da tsayayyen lokaci, amma kuɗi hannu ne, kuma kowannensu ya san injin da ke casa masa ciki da waje. Biyu daga cikin sunayen da suka fi amfani a shafin mutane daga bakinsu suka fito.

Bayan kusan rabin shekara, masaƙar tana kai kaya a kai a kai ga matsakaitan injina uku, da buhun dusa ga babba ɗaya, da 'yan kasuwa masu tambari da ba su kai goma ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na talatin ɗin ba a wuce ƙofa ba tukuna. Injina biyu da ke rukunin gaba sun tsaya da aiki a tsakanin, an mayar da su shafin jira. Injiniyan titin Haɗeja kuma ya koma wani kamfani a titin Zariya, wanda da yana rukuni na biyu ba mu da kowa a cikinsa, sai aka ɗaga shi sama. A tsohon wurin nasa an koma wurin maigadi da tambayar wa ke jan buhu da hannu yanzu. Jami'in tallar yana zama da takardar kowace Juma'a da safe, duk sunan da ya wuce wata uku ba a tabbatar da shi ba sai ya shafa masa launin ɗorawa, kuma ba a kiran mai launin ɗorawa da maganar ciniki sai an sake tambaya ko yana nan a kujerarsa.